Which ko that: yadda ake zaɓa, da inda waƙafi yake zama

Tun da na fara duba wa ɗalibai da ma'aikata rubutunsu na Turanci, babu tambayar da take yawan dawo mini kamar wannan: a ina ake sa *which*, a ina ake sa *that*, kuma me ya sa wani lokaci akwai waƙafi kafin kalmar, wani lokaci babu? Masu tambayar da yawa sun ɗauka kalmar ce matsala. Ni kuwa abin da na gani shi ne waƙafin ne yake ɗauke da ma'ana, kalmar tana biye da shi ne kawai. Don haka tsarin da nake bi yana farawa da ma'ana, sai kalma, sai waƙafi, kuma idan aka juya wannan jerin a nan ake ɓata.

Abin da za ka tanada bai da yawa: rubutun da ka riga ka gama, biro mai launi biyu idan a takarda ne, ko akwatin bincike na Word idan a kwamfuta ne. Kuɗi ba ya shiga sai dai na buga shafukan, idan ka fi ganin kuskure a takarda. Lokaci ne abin kashewa. A farkon koyo, shafi ɗaya yakan ci wajen minti goma, daga baya ya ragu sosai. Kada ka yi wannan aikin kana cikin rubutu; ka gama tukuna, sannan ka dawo ka yi masa zagaye na musamman.

1. Ka san wa kake rubuta wa

Turancin Birtaniya da na Amurka sun sha bamban a wuri ɗaya tak a wannan batu. A wurin da ba a sa waƙafi, Baturen Ingila yana iya rubuta *that* ko *which*, duka daidai ne. Editocin Amurka kuwa sun fi son *that* kaɗai a wannan wurin, su bar *which* ga inda akwai waƙafi. Makarantunmu na Najeriya da Gana tsarin Birtaniya suka gada, saboda haka malamin da ya soke maka *the book which I bought* yana cewa kuskure ne, ya tsananta. Amma idan maƙala ce za ka tura wa mujallar da ke bin tsarin rubutu na Amurka irin na APA ko na Chicago, to *that* za su nema.

Shawarata ita ce ka bi tsarin Amurka a wannan wuri ko da kana rubuta wa 'yan gida, domin babu wanda zai ƙi shi a ɓangarorin biyu, kuma yana ba mai karatu alama biyu maimakon ɗaya.

2. Ka zaƙulo kalmomin, ka ware waɗanda ba ruwanmu da su

Ka bi rubutun ka ja layi ƙarƙashin kowane *which* da kowane *that*. A Word, danna Ctrl+F ka rubuta kalmar, za ta haska maka su duka.

Ba dukansu ne namu ba. *That* yana da wasu ayyukan: a *that house is mine* nuni yake yi, wato "wancan", a *he said that he would come* kuwa "cewa" yake nufi. *Which* ma yana zuwa a tambaya, kamar *which road goes to Zinder?* Duk waɗannan ka tsallake su. Namu shi ne wanda ya zo bayan suna, ya buɗe wani guntun zance da yake magana a kan sunan. Wannan guntun shi ne malaman nahawu suke kira ganga, kuma da wannan sunan zan ci gaba da kiransa.

Gwaji mai sauƙi: ka cire *that* ka sa *which*, ka karanta. Idan jimlar ta tsaya da ƙafarta kuma ba ta koma tambaya ba, namu ne. *The car which I sold* ta tsaya. *He said which he would come* ta rushe, don haka ba namu ba ne.

3. Ka gano farkon gangar, da ƙarshenta, da sunan da take bayani

Mutane sukan tsallake wannan matakin, kuma daga nan rabin kurakuran waƙafi suke fitowa. Dubi wannan:

*The generator that we bought last year has stopped working.*

Sunan shi ne *generator*. Gangar ta fara daga *that*, ta ƙare a *year*. Ta yaya aka san ƙarshenta? Ka nemi babban aikatau na jimlar, wato abin da ya faru da janaretan: *has stopped*. Duk abin da ke tsakanin sunan da wannan aikatau, ganga ce. Ka sa ɗan alama da biro a farkonta da ƙarshenta.

Gargaɗi: gangar tana manne wa sunan da ya fi kusa da ita. Idan ka rubuta *the roof of the mosque that collapsed*, mai karatu zai iya fahimtar masallacin ne ya rushe, alhali rufin kake nufi. Babu *which* ko waƙafin da zai gyara wannan. Sai dai ka sake gina jimlar, misali ka raba ta biyu.

4. Ka tambayi sunan: "wanne?"

Nan ne zuciyar aikin, kuma nan ya kamata ka fi daɗewa. Ka rufe gangar da yatsa, ka karanta abin da ya rage, ka tambayi kanka: shin mai karatu ya san takamaiman abin da nake nufi, ko zai ce mini "wanne daga ciki?"

Idan zai tambaya, to gangar ita ce take tantance abin daga cikin 'yan'uwansa. Ba a raba ta da sunan, ba a sa mata waƙafi. Idan kuwa ya riga ya sani, gangar ƙarin bayani ce kawai, irin wanda mutum yake jefawa a tsakiyar magana sannan ya ci gaba. Ita ce ake killacewa da waƙafi.

A ce ɗan kasuwa ya karɓi buhun masara 50, ya rubuta wa wanda ya aiko:

*The bags that were wet have been returned.*

*The bags, which were wet, have been returned.*

Jimla ta farko tana cewa a cikin buhunan akwai jiƙaƙƙu akwai busassu, kuma jiƙaƙƙun kaɗai aka mayar. Wataƙila buhu 6 ne. Ta biyu tana cewa an mayar da buhunan gaba ɗaya, duka 50, kuma ga ƙarin labari: duk sun jiƙe. Kalmomin kusan iri ɗaya ne, amma tsakanin jimlolin biyu akwai kuɗin buhu 44.

Mu masu jin Hausa muna da wata sa'a a nan, domin harshenmu yana yin wannan bambancin, kuma kunnenmu ya saba da shi. Ka faɗi jimlar da Hausa. Ta farko za ta fito "buhunan da suka jiƙe an mayar da su", a numfashi ɗaya, da ƙaramin "da" manne da sunan. Ta biyu kuwa sai ka ce "buhunan, waɗanda dama sun jiƙe, an mayar da su", da ɗan tsayawa kafin "waɗanda". Idan "da" ya zauna daram ba tare da tsayawa ba, *that* ne ba waƙafi. Idan ka ji kana iya cusa "dama" ko "kuwa" bayan "wanda" ko "wadda", ƙarin bayani ne, *which* ne da waƙafi. Sai dai ka lura, "wanda" shi kaɗai ba hujja ba ne, domin muna iya cewa "yaro wanda ya zo jiya" muna tantancewa. Tsayawar numfashi da "dama" su ne shaidar.

Gargaɗi: an saba koyar da cewa "idan ka cire gangar jimlar ta tsaya, to ka sa waƙafi". Wannan yana ɓatar da mutane. Ka cire *that were wet*, za ka samu *the bags have been returned*, jimla ce lafiyayya a nahawu. Amma ma'anar ta canza daga buhu 6 zuwa 50. Ba tsayuwar jimla ake dubawa ba, ana duba ko abin da ake magana a kai yana nan yadda yake.

Akwai sunayen da ba a tambayarsu "wanne" tun asali, domin guda ɗaya ne: sunan gari, na ƙasa, na kogi, na hukuma. Bayansu kusan kullum ƙarin bayani ne ke zuwa: *Lake Chad, which borders four countries, has shrunk.* Haka ma abin da aka riga aka tantance da mallaka, idan guda ɗaya ne: *my passport, which expires in June*. Fasfo ɗaya gare ka, ba mai cewa wanne.

Wani lokaci amsar ba ta cikin jimlar, tana cikin abin da ya faru a zahiri. Wannan ya taɓa zama rigima a siyasar Amurka. A 1984, lokacin da jam'iyyar Republican take tsara manufofinta gabanin babban taronta na Dallas, daftarin ya ce suna adawa da *any attempts to increase taxes which would harm the recovery*. Ba tare da waƙafi ba, ma'anar ita ce suna adawa da ƙarin harajin da zai cutar da farfaɗowar tattalin arziki kaɗai, an bar ƙofa a buɗe ga wani ƙarin. Masu tsattsauran ra'ayi a kan haraji suka matsa aka sa waƙafi bayan *taxes*, sai ma'anar ta koma adawa da kowane irin ƙarin haraji. Saboda haka idan rubutun wani kake dubawa ka iske irin wannan, kada ka yanke masa hukunci. Ka kira shi ka tambaye shi abin da yake nufi.

5. Yanzu ka zaɓi kalmar

Idan mataki na huɗu ya yi kyau, wannan ba ya ɗaukar lokaci. Ganga mai tantancewa, *that*. Ganga mai ƙarin bayani, *which*. Doka ɗaya da Birtaniya da Amurka suka haɗu a kai ita ce *that* ba ya buɗe gangar ƙarin bayani. *Kano, that is an old city* kuskure ne a ko'ina. *Kano, which is an old city* ake cewa.

Akwai wurare kaɗan da aka kauce wa wannan rabon, kuma gara ka san su domin suna yawan zuwa.

Idan ƙaramar kalma irin *in*, *on*, *for*, *with* ko *of* ta gabaci wurin, *which* ne dole, ko da gangar mai tantancewa ce: *the room in which we met*. Babu *in that we met* da wannan ma'anar. Ka lura ba a sa waƙafi ba, domin har yanzu tantance ɗakin ake yi. Wannan shi ne babban dalilin da ya sa bai kamata ka haddace "duk inda *which* yake akwai waƙafi" ba. Idan kana son *that*, sai ka tura ƙaramar kalmar ƙarshe: *the room that we met in*. Ya halatta, sai dai na farkon ya fi dacewa da takardar ofis.

Bayan *all*, *everything*, *nothing*, *anything*, *the only* da kalmomin fifiko irin *the best* ko *the first*, *that* ne ya fi zama a kunne, har a wajen Turawan Ingila: *everything that he said*, *the best price that we could get*.

Idan gangar ba suna ɗaya take bayani ba, duk abin da aka faɗa take sharhi a kai, to *which* ne da waƙafi: *The lorry broke down, which delayed the delivery.* Ba motar ce ta jawo jinkiri ba, lalacewarta ce. A Hausa a nan muke cewa "abin da ya jawo jinkiri" ko "lamarin da ya sa".

Idan mutum ne, *which* ba ya shiga ko kaɗan. *Who* ake sawa, kuma dokar waƙafin tana nan yadda take: *my brother who lives in Maradi* na nuna kana da 'yan'uwa maza fiye da ɗaya, *my brother, who lives in Maradi,* na nuna shi kaɗai ne, ko kuma an riga an san wanda ake nufi.

Abu na ƙarshe, *that* yana iya faɗuwa gaba ɗaya idan suna ko wakilin suna ya biyo shi: *the letter that I wrote* da *the letter I wrote* duk ɗaya ne. Idan aikatau ne ya biyo shi kai tsaye, kamar *the letter that arrived*, ba ya ciruwa. *Which* mai waƙafi kuwa ba a jefar da shi haka.

6. Ka duba waƙafi, gaba da baya

Ka koma kan alamomin da ka sa a mataki na uku. Gangar ƙarin bayani tana buƙatar waƙafi biyu, ɗaya a farko ɗaya a ƙarshe, kamar ƙyauren shiga da na fita. Idan gangar ce ta ƙare jimlar, aya ta tsaya a madadin na biyun.

Kuskuren da na fi gani shi ne a buɗe a manta rufewa: *The clinic, which opened in March has no doctor.* Ana buƙatar waƙafi bayan *March*. Yakan faru ne idan gangar ta yi tsawo, marubuci ya manta a cikin ganga yake.

Na biyu kishiyarsa ne, a rufe abin da ba a buɗe ba: *The students that failed the test, will repeat it.* Marubucin ya ji numfashinsa ya tsaya bayan *test*, sai ya ɗiga waƙafi. Amma waƙafi guda ɗaya ba ya shiga tsakanin mai aiki da aikatau ɗinsa, komai tsawon abin da ya gabata. Ka cire shi. Ƙa'idar da zan so ka riƙe ita ce, a tsakiyar jimla, ko biyu ko babu.

Idan a Word kake, akwai hanyar kama waɗannan da sauri. Danna Ctrl+H, sai More, ka sa alama a Use wildcards, ka rubuta wannan a akwatin nema:

```
[!,] which
```

Zai nuna maka kowane *which* da ba waƙafi a gabansa. Sannan ka nemi wannan:

```
, that
```

Gargaɗi: kada ka taɓa danna Replace All a wannan aikin. Binciken farko zai kamo *in which* da *for which* waɗanda ba su da laifi, na biyun kuma zai kamo irin *the bags, however, that were wet*, inda waƙafin na *however* ne, ba na gangar ba. Ɗaya bayan ɗaya za ka duba su da Find Next. Haka kuma layin da Word yake ja a ƙarƙashin *which* yana ba ka shawarar *that* ko waƙafi, bai san buhu nawa aka mayar ba. Ka ɗauke shi a matsayin tuni ka koma mataki na huɗu.

7. Mu gwada a kan wasiƙa guda

A ce sakataren wata ƙungiyar manoma ya rubuta wa dillalin taki wannan:

*We received the 200 bags which you sent on Monday. The bags, which were torn have been returned to your store in Funtua that is near the motor park. The driver arrived late which delayed the distribution. Everything which remains, is in the room that we keep the seeds in.*

Akwai wurare shida. Na farko, *which you sent on Monday*: waɗanne buhuna 200? Waɗanda aka aiko ran Litinin. Tantancewa ce, ba waƙafi, kuma a tsarin Birtaniya ba laifi a bar shi. Mu da muka zaɓi ɗaya tsarin sai mu mayar da shi *that*.

Na biyu shi ne mai haɗari. Waƙafi ɗaya ne a gaban *which were torn*, babu na rufewa, don haka jimlar ba ta nan ba ta can. Dillalin zai iya karanta ta a matsayin an dawo masa da buhu 200. Aka tambayi sakataren, ya ce buhu 30 ne suka yage, su kaɗai aka mayar. Ke nan "buhunan da suka yage", a numfashi ɗaya: a cire waƙafin, a sa *that*. Ni da zan ƙara masa adadin ma, *the 30 bags that were torn*, domin a takardar da ta shafi kuɗi bai kamata waƙafi shi kaɗai ya ɗauki nauyin lissafi ba.

Na uku ma sai an tambaya: shago nawa dillalin yake da shi a Funtuwa? Idan biyu ne, *that is near the motor park* daidai ne, yana nuna wanne. Sakataren ya ce ɗaya ne. To kusancinsa da tasha ƙarin bayani ne, sai waƙafi da *which*, aya kuma ta rufe.

Na huɗu, *which delayed the distribution* sharhi ne a kan makarar direban gaba ɗaya, waƙafi kawai ya rasa. Na biyar, bayan *everything* sai *that*, kuma waƙafin da ke bayan *remains* ya raba mai aiki da aikatau, a cire shi. Na shida ba kuskure ba ne, amma tunda wasiƙar aiki ce, *in which* ya fi tsari. Ga yadda ta koma:

*We received the 200 bags that you sent on Monday. The 30 bags that were torn have been returned to your store in Funtua, which is near the motor park. The driver arrived late, which delayed the distribution. Everything that remains is in the room in which we keep the seeds.*

Mai ido zai lura da wani abu da ya rage a jimla ta biyu. Yanzu *which is near the motor park* ta zo daf da *Funtua*, kamar garin ne yake kusa da tasha. Wannan shi ne gargaɗin mataki na uku. Mai karatu zai gane da hankalinsa, amma gyaran ba wuya: a jefar da gangar baki ɗaya, a ce *your Funtua store near the motor park*.

8. Karatun ƙarshe da murya

Ka karanta rubutun a bayyane, a hankali, kana tsayawa a kowane waƙafi, kana wucewa inda babu. A gangar ƙarin bayani muryarka za ta ɗan sauka, sannan ta dawo inda ta tsaya. Idan ta sauka ba ta sami wurin dawowa ba, waƙafin rufewa ya ɓace. Idan ka tsaya kafin *which* amma abin da ka faɗa kafin nan bai isa a gane wanne kake nufi ba, waƙafin bai kamata ya kasance a wurin ba.

Wannan karatun don kama abin da ya kuɓuce ne, kada ka mayar da shi hanyar sa sabon waƙafi duk inda numfashinka ya ƙare, domin ta nan kuskure na biyu na mataki na shida yake shigowa. Idan kuma ka iske jimla ɗaya tana ɗauke da *which* ko *that* har uku, kada ka ɓata lokaci wajen jera musu waƙafi. Ka datse ta gida biyu, ka sake bin kowane ɓangare daga mataki na uku.